Inda Yaya Ya Ce A Nema

Wani direban tanka ne ya kawo wasiƙar. Bai ko kashe mota ba, ya tsaya a bakin layi yana danna hon har Na-Goggo ya fito da gudu, ya miƙo masa ambulan ta taga, ya ce, "Yayanka ya ce a hannunka zan sa, ba a hannun kowa ba." Ya ja motarsa ya bar shi cikin hayaƙi.

Na-Goggo ya gama karatun kimiyyar sinadarai a babbar makarantar fasaha, ya dawo gida ya zauna har kujerar falo ta lotsa a gefen da yake zama. Sunan nan ma Yaya ne ya laƙaba masa tun yana rarrafe, don ba ya sakin zanen uwarsa. Yaya ɗan wan mahaifiyarsa ne, amma a gidansu ya tashi bayan rasuwar nasa uban, shi ya sa Na-Goggo ya buɗe baki ya ji ana kiran uwarsa Goggo, shi ma ya bi sahu. Yanzu Yaya babban mutum ne a wani kamfanin tace man girki da ke wani gari. Daga ɗakin gwaji ya fara, har ya zama mai kula da layin injina gaba ɗaya. Duk abin da ya taso a dangi, daga ciwon hakori zuwa neman makaranta, maganar ɗaya ce: a tambayi Yaya.

Abin da ya jawo wasiƙar kuwa, tsohon shugaban makarantarsu Na-Goggo ne ya tare shi a hanya ya ce gwamnati za ta ɗauki malaman kimiyya, ya kawo takardunsa kafin a rufe, masu irin karatunsa ba su da yawa. Na-Goggo ya kira Yaya a waya. Ƙarar inji ta hana su jin juna. "Kar ka yi komai tukuna," Yaya ya faɗa da ƙarfi. "Wannan ba maganar waya ba ce. Zan rubuto maka."

A tsakar gida ya buɗe ta. Goggo tana wanki, ta ce ya karanta a fili ita ma ta ji.

"Ƙanena Na-Goggo, bayan gaisuwa, ka gaida min Goggo ka ce ta rage shan shayi da sukari. Na zauna na yi tunanin maganarka. Kuskuren da yawancinku kuke yi shi ne ku watsa takarda ko'ina, banki, asibiti, ofishin gwamnati, duk inda aka ga ƙofa. Mai ɗaukar aiki yana gane wanda bai san abin da yake nema ba tun daga layin farko. Ka zaɓi fanni ɗaya ka tsaya a kai.

"Banki za su ba ka kwat da taye su tura ka rana neman masu ajiya, in ba ka kawo ba su sallame ka. Ƙungiyoyin agaji suna biya da kyau, amma ranar da tallafinsu ya ƙare, aikinka ya ƙare. Koyarwa aiki ne mai daraja, ban raina ta ba, sai dai za ka shekara goma a kan mataki guda, kuma abin da ka karanta zai bushe a kan allo.

"Shawarata ita ce masana'anta, kuma ba kowace iri ba. Ka nemi masu yin abin da mutum ba ya iya haƙura da shi: sabulu, man girki, gishiri, ruwan sha. Ko duniya ta yi tsanani sai an yi wanka, sai an ɗora tukunya. Kowane irin kamfanin nan yana da ɗakin gwaji, domin hukuma ba ta barin kaya su fita sai an auna ingancinsu. Nan ne gurbinka. Ka yi ɗan gajeren kwas na tabbatar da inganci, ni zan ɗauki nauyinsa. Ka gyara takardar bayanin kanka, ka sa aikin gwajin da ka yi a makaranta a sama, ka cire maganar ƙwallon ƙafa. In sun ce ta hannun ɗan kwangila za su ɗauke ka, ka yarda. In sun ce aikin dare, ka yarda. Ka shiga kawai. Ni ma ta ƙaramar ƙofa na shiga, ga ni."

Goggo ta matse rigar da ke hannunta. Can ta ce, "To shi kamfanin nan yana ba da fansho?"

"Goggo, ina maganar fara aiki kina maganar tsufa."

"Ai tsufan ne ke zuwa ba sallama. Ni dai na share asibitin gwamnati har bayana ya lanƙwashe, amma yau ko ban fita ba ana tunawa da ni ƙarshen wata." Ta jefa rigar cikin bokiti. "Amma yayanku ya fi ni sani. Shi ya ga duniya. Ni tsintsiya na gani."

Bai kai takardunsa wajen ɗaukar malamai ba. Abokinsa da suke kira Ɗan Gayu, wanda da ƙyar ya haye jarrabawar ƙarshe, shi ya kai nasa, aka tura shi wata makaranta a bayan gari. Na-Goggo har tsokanarsa ya yi, ya ce ya tanadi man shafawa saboda alli yana busar da hannu.

Ya yi kwas ɗin. Ya bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya yana ajiye takarda wajen masu gadi, har wasu suka fara gane shi daga nesa suna ɗaga masa hannu alamar babu labari. Daga ƙarshe wani kamfanin sabulu ya kira shi. Kamar yadda Yaya ya faɗa, ba kamfanin ne ya ɗauke shi ba. Wani ɗan kwangila ne mai kawo musu ma'aikata ya ba shi takarda ya sa hannu, ta wata shida, ana sabuntawa. Katinsa shuɗi ne, na ma'aikatan dindindin fari. Masu farin kati suna da asibitin kamfani da hutun shekara. Masu shuɗi suna da rigar aiki da takalmin roba.

Duk da haka ya so aikin, so na gaske. Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, da dogon teburi mai farar tayil da kwalabe a jere, ƙanshin turaren sabulu ya kama ko'ina har labule. Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ake kira Mai Tabarau, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Shi ya koya masa yadda ake yanko samfur daga kowane rukunin sabulu, a kankare shi siriri, a auna a sikeli, a sa a na'urar busarwa, a sake aunawa don a san yawan ruwan da ke ciki. Ya koya masa narkar da sabulu a barasar gwaji, a ɗiga masa wani sinadari. In ruwan ya koma ruwan hoda, to akwai sauran soda da ba ta ƙone ba, sai a bi shi da asid ɗigo-ɗigo har launin ya ɓace, a lissafa ko ta wuce ƙa'ida. In ta wuce, sabulun zai ci fatar mutum, kuma duk rukunin ba zai fita ba, ko da manaja zai yi tsalle ya taɓa rufi.

Ranar da ya fara tsayar da wani rukuni da sa hannunsa, mai kula da injina ya zo har ƙofa yana zage-zage. Mai Tabarau ya maimaita gwajin da kansa, ya leƙa kwalbar, ya ce, "A mayar da shi tukunya." Bayan mutumin ya fita ya dubi Na-Goggo ta saman gilashinsa. "Hannunka ba ya rawa. Da kyau." Wannan ne yabon da ya samu a shekara guda, kuma ya ishe shi.

Ya kira Yaya ya ba shi labari. Yaya ya yi dariya har da tari. "Ban gaya maka ba? Ka riƙe wuta. Farin kati na nan tafe."

A wannan shekarar ya gyara wa Goggo rufin ɗakinta da ke yoyo. Ya fara tsayawa a ƙofar gidan wata ma'aikaciyar jinya da yamma, har ƙannenta sun fara kawo masa kujera ba tare da an ce su kawo ba. Da wa'adin kwangilarsa ya cika aka sabunta. Ya sake cika, aka sake sabuntawa. In ya tambayi maganar farin kati, sai a ce ana jiran amincewa daga sama.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko man da ake dafa sabulun da shi ne ya yi tsada, sodar da ake shigowa da ita daga waje ta bi bayansa. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, janareta yana shan man da ya fi ƙarfin ribar. Kamfani ya rage girman sabulu ya bar farashi, masu saye suka gane. Ya ƙara farashi, suka gudu. Kasuwa kuma ta cika da wani sabulu mai araha da ake shigowa da shi, mai kyan takarda, da wani da ake dafawa a bayan gidaje ba gwaji ba lamba. Na-Goggo ya sayo marar lambar guda don son sani, ya gwada a ɗakin gwajinsu. Ruwan ya yi ja kamar jini.

"Wannan ai zai saɓule wa mutum fata," ya ce.

Mai Tabarau ya yi tsaki. "Zai saɓule. Amma shi suke iya saye."

Abin da wasiƙar Yaya ta faɗa gaskiya ne, mutane ba su daina wanka ba. Sun dai daina wanka da sabulun kamfanin. A gidansu ma, wata rana ya shiga banɗaki ya tarar da irin wancan sabulun a kan bulo. Goggo ta ce maƙwabciya ce ta ba ta. Ya ɗauke ya jefa a shara, da yamma ya ga ta tsince shi ta ajiye don wankin tukwane.

Aka rufe layin injina ɗaya. Aikin da ake yi dare da rana ya koma na safe kawai. Sito ya cika da kwalaye har baranda, motocin dillalai da a da suke layi a bakin ƙofa suka koma ɗaya, biyu, wata rana babu. Samfur ya ragu, har Na-Goggo yakan wuni yana wanke kwalaben da ba su yi datti ba don kar a gan shi zaune.

Wata safiya ya isa ƙofa, mai gadi ya karɓi katinsa bai mayar masa ba. Ya nuna masa rumfar ajiye babura, inda masu shuɗin kati suka taru tsaitsaye. Ɗan kwangila ya zo a makare, yana magana yana duba waya. Ya ce kamfani ya dakatar da kwangilarsa, don haka shi ma ba shi da inda zai kai su. Wani ya tambayi kuɗin sallama. Ya ce su duba takardar da suka sa wa hannu, su ba ma'aikatan kamfani ba ne, nasa ne, kuma wa'adinsu ya cika. In abubuwa sun gyaru zai kira.

Mai Tabarau ya fito har bakin ƙofa da takalmin Na-Goggo na gida a leda, da takardar shaida da ya rubuta masa da hannunsa ya buga hatimi. "Na yi magana a kanka," ya ce. "Sun ce mutum ɗaya ya ishi ɗakin yanzu." Ya gyara tabarau. "Ni ma ban san ko zan ga ƙarshen shekara ba."

Na-Goggo bai iya kiran Yaya a ranar ba. Da ya kira daga baya, a karon farko babu ƙarar inji a bayan Yaya. "Abin ya taɓa kowa," ya ce. "Mu ma an ba mu hutu, ana gyaran injina. Kar ka karaya, yanzu kana da ƙwarewa a hannu. Wannan ba mai ƙwace maka."

Ƙwarewar ya ɗauka ya sake bin ƙofofin da ya bi a da. Wasu ya tarar da sarƙa da kwaɗo, ciyawa ta fito ta tsakanin siminti. Wasu masu gadin sun canza. Wani kamfanin fenti ya ce suna rage mutane ne, ba ƙari ba. Ya haɗiye girman kai ya je wajen tsohon shugaban makarantarsu. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce tun waccan ɗaukar gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, ba wanda ya san ranar buɗewa, kuma in an buɗe akwai iyakar shekaru. "Na neme ka a lokacin," ya ce, ba da faɗa ba. Da faɗa ya yi da ya fi sauƙi.

Ɗan Gayu yana nan yana koyarwa. Albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yana kuka da shi kullum, amma yana zuwa. Shi ya nema wa Na-Goggo 'yan darussan gida, yara biyu na wani ɗan kasuwa. Bai taɓa tuna masa da maganar alli ba. Kujerar da ake fito wa Na-Goggo da ita a gidan ma'aikaciyar jinya ta daina fitowa, shi ma ya daina bin layin. Ba a yi faɗa ba, ba a yi sallama ba.

Goggo ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba. Sai dai ta koma tana raba fanshonta gida biyu, ta tura masa rabi ƙarƙashin filo kamar ba ita ba. Wannan ya fi komai ci masa rai. Wani lokaci yana kwance da rana sai ya ji haushin Yaya ya taso masa, ya shirya maganganun da zai faɗa masa, masu zafi, a jere. In ya ɗauki waya sai ya ajiye. Me zai ce? Mutumin da ya biya masa kuɗin kwas, ya zauna ya cika takarda da hannunsa don shi?

An daɗe a haka kafin Mai Tabarau ya aiko masa da saƙo cewa wani kamfanin ruwan roba a gefen gari yana neman mai gwaji guda ɗaya. Na-Goggo ya goge rigarsa, ya kwana biyu yana bitar gwajin ruwa, yadda ake auna tsami da gishirinsa, da ragowar sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da yadda ake shuka samfur a faranti a jira a ga ko wani abu zai tsiro.

Kamfanin ƙarami ne, bai kai rabin na sabulu ba. An jera benci biyu a wata baranda kusa da inda ake loda ruwa, mutane sun cika su, wasu a tsaye da fayil a ƙirji. Ya rubuta sunansa wajen sakatariya, ya juya neman inda zai raɓa. A ƙarshen benci na biyu wani mutum yana zaune ya sunkuyar da kai, da kwat mai ruwan toka da ta yi masa yawa a kafaɗa. Na-Goggo ya san kwat ɗin kafin ya san mai ita. Da ita Yaya ya zo bikin kammala karatunsa, a lokacin maɓallanta da ƙyar suke haɗuwa.

"Yaya?"

Yaya ya ɗago. Fuskarsa ta yi wani abu, kamar zai tashi, kamar zai ɓuya. Sai ya yi murmushi ya matsa gefe. "Na-Goggo. Zo zauna. Kai ma ka ji labari ke nan."

Ya zauna. Cinyarsu tana gogar juna saboda matsi. Gashin Yaya ya yi fari a gefe, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Yaushe ka shigo gari?"

"Da motar farko. Na ce in na gama zan biya in gaida Goggo."

"Gyaran injinan fa?"

Yaya ya kalli masu lodin ruwa. "An gyara su. An kwance su an sayar." Ya ɗan yi dariya marar sauti. "Bankin da ke bin kamfani bashi ya karɓe wurin. Haƙƙinmu yana kotu. Antinka ta koma gidansu da yara kafin abubuwa su daidaita, na saki gidan haya, ina wajen wani abokina."

"Ba ka faɗa ba."

"In faɗa wa wa? Kowa ni yake kira."

Duk maganganun da Na-Goggo ya daɗe yana jerawa suka watse. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya sa a kan fayil ɗin Yaya, mai kauri, gefensa ya tsufa.

"Yaya, gurbi ɗaya ne fa. Bari in je in cire sunana."

Yaya ya riƙe masa gwiwa da ƙarfi. "In ka tashi daga nan ban yafe ba. Kana ganin mu biyu ne kawai a wurin? Ka cire sunanka wani can ya samu?" Ya sassauta murya. "Saurara. Za su tambaye ka abin da za ka yi in faranti ya nuna ƙwayoyin cuta alhali an riga an yi lodi. Ka ce za ka tsayar da rukunin, ka sanar da manaja a rubuce, ka sake ɗaukar samfur, a duba matatar da fitilar kashe ƙwayoyi. Kar ka ce za ka jira umarni. Kuma ka gyara wannan kwalar, kamar wanda aka koro."

Shi ya gyara masa kwalar da hannunsa.

Yaya aka fara kira. Bai daɗe ba ya fito. Ya ɗaga wa Na-Goggo babban yatsa, ya ce zai jira shi a waje.

Mutum biyu ne a ciki, manaja da wata mata mai kula da ma'aikata. Suka yi masa tambayoyi, har da wadda Yaya ya faɗa, kusan kalma da kalma. Ya amsa. Matar ta duba takardunsa ta ce, "Kai da wanda ya fita ɗazu kun ba da lambar mutum ɗaya a matsayin dangi na kusa."

"Yayana ne. Ya fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba. Shi ya koya min."

Manaja ya jingina da kujera. "Mun gani. Ya fi ni ma sani. Matsalar ke nan. Mutumin da ya riƙe layi guda ba zai zauna yana wanke kwalba a ƙarƙashina ba, ranar da ya samu wani wuri zai tafi. Kuma abin da za mu iya biya, kunya ma ba za ta bari in faɗa masa ba." Ya rufe fayil. "Kai ba ka da iyali ko?"

"Babu."

"To. Wata uku ne na gwaji, ta hannun ɗan kwangilarmu. Za ka iya farawa ranar Litinin?"

Ya ji bakinsa ya ce zai iya.

Ya tarar da Yaya a ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi, ya cire kwat ya rataya a hannu. Tun kafin ya yi magana Yaya ya karanta a fuskarsa. Ya rungume shi yana bubbuga bayansa. "Alhamdu lillahi. Aikin ya zauna a gida. Ai ya zauna a gida." Ya yi ta maimaitawa, sannan ya sake shi ya juya yana neman abin hawa.

"Mu je gida, Goggo za ta ji daɗi."

"A'a. Ka ce mata mun yi waya." Ya dubi takalminsa. "In ta gan ni haka ba za ta yi barci ba. Ka bar ta da labari mai daɗi ɗaya."

Na-Goggo ya raka shi tasha. Yaya ya ƙi yarda ya biya masa kuɗin mota, har suka fara jan hankalin mutane, sannan ya bari. Da ya zauna kusa da taga sai ya yafito shi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon bayan kujerar gabansa.

"In ka kwana biyu ka saba da su, ka ɗan saurara min. Ba sai ɗakin gwaji ba. Ko sito, ko wajen lodi. Ina da ƙarfi har yanzu."

"Yaya, lodi kuma?"

"Ka dai saurara min."

Na-Goggo ya fara aiki. Ɗakin gwajin bai fi rumfar mai shayi ba, na'urar auna tsami sai an buga mata hannu take kamawa. Katin nan ma shuɗi ne. Goggo ta yi murna, ta ce a kira Yaya a yi masa godiya, ai shawararsa ce ta sake yin rana. Na-Goggo ya ce layinsa ba ya shiga.

Da ya ga ya ɗan saba, ya tari ɗan kwangilar a wajen lodi, wani mai tumbi da ke zaune a kan kwalin ruwa yana cin gyaɗa. Ya ce yana da ɗan'uwa mai neman aiki, kowane iri.

"Shekarunsa nawa?"

Ya faɗa, har ya rage biyu.

Mutumin ya yi dariya ya watsa gyaɗa a baki. "Malam, dubi can." Ya nuna ƙofa, inda samari suke tsugune a inuwar katanga tun safe suna jiran a ce ana neman hannu. "Rabinsu da digiri. In ɗauko dattijo ya faɗi a ƙarƙashin kaya, wa zai biya asibiti? Ka ba shi haƙuri."

Ya gwada mai kula da sito, ya ce su ma mutum ɗaya za a rage. Ya gwada manaja, manaja ya ce ya mai da hankali a kan wata ukunsa.

Da aka tashi cin abincin rana ya koma ɗakin gwaji ya rufe ƙofa. Wayarsa tana cikin aljihun rigar da ya rataye, ya ciro ya ga Yaya ya kira sau biyu, ya kuma turo saƙo: "Ba matsa maka nake ba. Gaisuwa ce kawai."

Ya zauna a kan doguwar kujerar gwaji ya kira shi. Bugu ɗaya Yaya ya ɗauka.

"Na-Goggo! Ya aikin? Suna dai riƙe ka da kyau?"

"Lafiya lau, Yaya."

Ta cikin wayar yana jin motoci suna wucewa, da wani mai talla yana kira daga nesa.

"Na yi magana da su," ya ce. "Duka ukun."

"To?"

"Babu, Yaya."

"To," Yaya ya ce. "To. Ba komai. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya yi gyaran murya. "Ka koma bakin aikinka, kar su ga kana waya."

Ya kashe. Na-Goggo ya zauna da wayar a hannu har aka ƙwanƙwasa ƙofa, mai kula da injina ya leƙo ya ce sabon rukuni ya fito, mota tana jira, a zo a ɗebi samfur. Ya sa safar hannu, ya ɗauki kwalabe ya fita.